Yadda ake kulle waya da zanen yatsa da lambar sirri mai ƙarfi domin tsare kuɗin banki

Na saita kulle a wayoyi da yawa, nawa da na 'yan uwa da na abokan aiki, kuma kusan kowa da tunani ɗaya yake zuwa: wai zanen yatsa shi ne babban tsaro, lambar sirri kuwa ta ko-ta-kwana ce, sai a sa duk abin da ya zo baki. Abin ba haka yake ba. Lambar sirrin ita ce ainihin mukullin wayar. Wanda ya san ta zai buɗe wayar ba tare da yatsanka ba, zai iya goge yatsanka ya sa nasa, ya karanta saƙonnin da banki ke turowa. Amfanin yatsa shi ne ya hana ka danna lambar a gaban mutane sau hamsin a rana. Idan ka riƙe wannan, duk matakan da ke ƙasa za su zo maka da sauƙi.

Abin da za ka tanada

Wayar kanta, da caji akalla rabi. Takarda da biro. Ƙananan takardu guda goma da kofi ko hula, za ka ga amfaninsu a mataki na biyu. Ƙyalle mai laushi na goge fuskar waya. Adireshin imel da kalmar sirrin asusun Google ko Apple da aka buɗe wayar da shi. Katin da aka ɓallo sim ɗinka daga jikinsa, in yana nan. Sai minti talatin zuwa arba'in a wurin da babu mai leƙen hannunka, kuma babu kyamarar tsaro a saman kanka.

Ka wanke hannu ka goge shi ya bushe, kada ka shafa mai. Idan kana da niyyar manna sabon gilashin kariya a fuskar wayar, ka manna shi yanzu kafin a fara.

Sunayen wurare a cikin Settings suna bambanta daga waya zuwa waya. Zan riƙa faɗin waɗanda aka fi gani, amma in ba ka samu ba, taɓa alamar bincike a saman Settings ka rubuta kalmar, ita za ta kai ka.

1. Tabbatar da hanyar dawowa kafin ka kulle ƙofa

Wayoyin yanzu suna damalmala duk bayanan da ke cikinsu ta yadda ba sa karantuwa sai da lambar kullen. Wannan ya sa in ka manta lambar, a yawancin wayoyi ba abin da ya rage sai a goge komai a mayar da wayar kamar sabuwa. Bayan an goge kuma, wayar za ta nemi asusun Google ko Apple ɗin da ke kanta a da, in ba ka kawo shi ba ta ƙi buɗewa. An yi hakan ne don ɓarayi, amma ya sha kama masu wayar da kansu, musamman waɗanda wani ne ya buɗe musu imel ranar da suka sayi wayar, ba su sake tunawa da shi ba.

Saboda haka ka gwada shiga asusun a wata na'ura, ko a burauzar wayar. In ya buɗe, madalla. In bai buɗe ba, ka canza kalmar sirrin yanzu tun wayar tana buɗe a hannunka. Ka kuma duba cewa hotuna da lambobin mutane suna da kwafi a wani wuri.

2. Ƙirƙiro lambar sirri

A nan ne nake ɓata lokaci da kowa, don a nan aikin yake.

Lamba mai alƙaluma 4 tana da yiwuwar haɗi 10,000. Mai 6 tana da 1,000,000. Mai 8 tana da 100,000,000. Kowane alƙalami da ka ƙara yana ninka wahalar mai cinka sau goma. Amma wannan lissafin yana aiki ne kawai idan lambar ba ta da alaƙa da kai. Ɗauki ranar haihuwa da aka rubuta da alƙaluma shida, rana da wata da shekara. A ido tana cikin miliyan ɗaya, alhali ranakun shekara ɗari gaba ɗaya kusan 36,500 ne, kuma wanda ya ɗauke wayarka tare da walat ɗinka ba sai ya yi cinke ba, ranar tana rubuce a katin shaidarka. Haka ƙarshen lambar wayarka, shekarar aure, lambar mota, ranar haihuwar yaro. Haka 123456 da 000000 da 112233, da 2580 da mutane ke ganin dabara ce alhali layin tsakiya ne kawai daga sama zuwa ƙasa.

Ƙwaƙwalwar mutum ba ta iya zaɓen lamba da ka, kullum tana komawa ga abin da ta saba. Shi ya sa nake sa a yi ƙuri'a. Rubuta 0 zuwa 9 a ƙananan takardun nan goma, ɗaya a kowace, ka nannaɗe ka zuba a kofi. Girgiza, zaro ɗaya, rubuta abin da ya fito, mayar da ita cikin kofin, sake girgizawa. Mayarwar tana da muhimmanci, in ba ka mayar ba ka rage yawan haɗin da zai iya fitowa. Yi haka sau shida a ƙalla. Ni takwas nake so ga wayar da ake harkar kuɗi da ita.

A ce abin da ya fito shi ne 5, 2, 9, 0, 7, 7, 3, 1. Mutane sukan ga bakwai biyu a jere su ce a sake, ba daidai ba ne. A bar shi yadda ya zo. Sai dai idan ƙuri'ar ta fito da abu kamar 4444 ko ta faɗa daidai kan shekarar haihuwarka, nan kam a sake. Don haddacewa sai ka yanka ta gida-gida yadda ake karanta lambar waya: 529, 077, 31. Faɗe ta a zuci sau goma, ka yi wani abu na minti biyar, ka dawo ka rubuta ta ba tare da duba takarda ba. Wannan da na kawo misali ce kawai, tunda ta fito a rubuce ta tashi daga aiki, kada kowa ya ɗauke ta.

Sharuɗɗa biyu da ba na sassauci a kansu. Lambar kullen waya ba za ta zama ɗaya da ta katin cirar kuɗi ko ta tura kuɗi a manhajar banki ba, ko da wani ɓangarenta ne. In ɗaya ce, mai leƙe sau ɗaya ya samu ƙofar gida da ta ɗaki da ta akwati. Na biyu, ba a ajiye ta a cikin wayar, ko a takardar da aka cusa bayan rigar waya. Rubuta ta a takarda ɗaya, kada ka rubuta ta mece ce, ka ajiye tare da muhimman takardunka a gida.

Wasu za su tambayi zanen layi da ake ja a kan ɗigo tara, wanda waya ke kira Pattern. Ba na ba da shawararsa. Gaba ɗaya zanukan da za a iya yi 389,112 ne, bai kai lamba mai alƙaluma shida ba, kuma mutane da yawa daga kusurwar sama ta hagu suke farawa, wasu su zana harafi. Ana iya kwafe shi da ido daga nesa, sannan maiƙon yatsa yakan bar sawunsa a gilashi. Karkata wayar mai amfani da shi zuwa haske, sau da yawa za ka ga hanyar ɓaro-ɓaro.

3. Saka lambar a waya

A wayar Samsung: Settings, sai Lock screen, sai Screen lock type, sai PIN. A Pixel da wasu masu kama da ita: Settings, Security & privacy, Device unlock, Screen lock. A sauran wayoyin Android ka nemi Security ko Password & security, ko ka rubuta Screen lock a wurin bincike. Idan akwai tsohon kulle, za ta nemi ka shigar da shi tukuna.

Wasu wayoyin za su nuna maka gurabe huɗu ko shida kawai, sai ka ɗauka iyakarta ke nan. Duba ƙasa, yawanci akwai wani rubutu da ke ba da zaɓin wasu nau'ukan kulle, inda za ka samu lamba mai tsawo. Android tana karɓar har alƙaluma 16. A iPhone kuwa: Settings, Face ID ko Touch ID & Passcode, Turn Passcode On ko Change Passcode, sai ka taɓa Passcode Options ka zaɓi Custom Numeric Code don ka sa takwas.

Za ka iya ganin wani ɗan akwati da ke cewa wayar ta buɗe da kanta da zarar lambar ta cika, ba sai an danna OK ba. A wasu wayoyin sunansa Auto-confirm. Bar shi a kashe. Idan yana kunne, fuskar kullen takan nuna gurabe daidai yawan alƙalumanka, ka ga ka faɗa wa ɓarawo tsawon lambar kyauta.

Kana gamawa ka kulle wayar ka buɗe da lambar sau biyar a jere. Ka tsaya nan har sai yatsunka sun fara sanin hanya.

4. Yi wa yatsa rajista

Fara gano inda na'urar karanta yatsa take, don kowace da halinta. Akwai ta bayan waya da ta jikin maɓallin kunnawa a gefe, waɗannan suna jin tudu da kwarin fatar yatsa ne ta hanyar lantarki, suna da sauri amma ba sa shiri da jiƙaƙƙen hannu. Akwai ta ƙarƙashin gilashi mai haska fitila idan ka ɗora yatsa, wannan hoto take ɗauka, busasshen yatsa da hasken rana mai ƙarfi da gilashin kariya mai kauri suna rikita ta. Akwai kuma ta ƙarƙashin gilashi mai aiki da sautin da kunne ba ya ji, irin wadda Samsung ta fara sa wa Galaxy S10 a 2019, ita ma ba kowane gilashin kariya take karɓa ba.

Shiga Fingerprints ko Fingerprint Unlock, yawanci a ƙarƙashin Biometrics ko kusa da inda ka sa lambar. A iPhone mai na'urar yatsa, Add a Fingerprint. Wayar za ta nemi lambar sirrin, sannan ta ce ka ɗora yatsa ka ɗaga, ka ɗora ka ɗaga, har ma'aunin ya cika.

Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne ajiye wayar a tebur ya riƙa dangwala tsakiyar yatsa a miƙe, kamar mai sa hannu a takarda. Gobe ya ciro ta daga aljihu da hannu ɗaya, gefen babban yatsa ne zai taɓa wurin a karkace, wayar ta ce ba ta san shi ba. Riƙe wayar yadda kake riƙe ta kullum. Kowane ɗorawa ka ɗan gusar da yatsan: tsakiya, gefen dama, gefen hagu, kusa da farce, kusa da gaɓa. Kada ka danna da ƙarfi, matsi yana baje layukan fatar. Ɗorawa kawai, ka jira ta yi ɗan motsi, ka ɗaga.

Yatsu biyu sun isa, ɗaya a kowane hannu, saboda ranar da ɗaya ya yanke ko aka naɗe shi. In na'urar a baya take, manuniya ce ta dace. In a gaba ko a gefe take, babban yatsa. Yawancin wayoyi suna karɓar huɗu ko biyar, amma ba dole ne a cike guraben ba. Idan yatsanka mai wuyar karantuwa ne, wasu wayoyin suna yarda ka yi wa yatsa ɗaya rajista sau biyu, sau ɗaya da safe hannu a bushe, sau ɗaya da rana. Wasu za su ce an riga an yi masa, sai ka haƙura.

Daga nan ka duba jerin yatsun da ke ciki. Wannan ya fi muhimmanci ga wayar da aka saya ta hannu ko wadda aka taɓa ba wa mai gyara a buɗe. In ka ga uku alhali biyu ka sa, goge su duka ka fara daga farko. Na taɓa duba wayar wata 'yar uwata muka tarar da yatsu huɗu, nata biyu ne kawai. Da aka bincika, ɗanta ne ɗan shekara goma sha ɗaya ya ga lambar lokacin da take dannawa, ya sa nasa don ya riƙa wasa in ta yi barci. Ba mugunta a ciki, amma manhajar bankinta da yatsa take buɗewa, kuma wayar ba ta bambance yatsan uwa da na ɗa. Duk yatsan da ke cikin jerin, mai waya ne a wurinta.

Dalilin hakan shi ne manhajar banki ba ta ganin zanen yatsanka ko kaɗan. Ana mayar da shi lissafi a ajiye a wani keɓaɓɓen sashe na wayar da manhajoji ba sa shiga. Banki yana tambayar wayar ne kawai, ita kuma ta ce i ko a'a. Saboda haka duk wanda kuke amfani da waya ɗaya da shi, ka san cewa sa yatsansa daidai yake da ba shi izinin shiga asusunka.

Idan wayar ba ta da na'urar yatsa, ko aikin hannu ya cinye layukan yatsunka, kamar masu aikin siminti da masu yawan wanki da wasu tsofaffi, ka tsaya a kan lambar kaɗai, ka koyi kare ta da ɗaya hannun idan kana dannawa. Ka fara gwada ɗan yatsan zobe ko ƙaramin yatsa tukuna, su ne ba su cika gogewa ba. Buɗewa da fuska kuwa iri biyu ce. Face ID na iPhone yana auna zurfin fuska, ana iya dogara da shi. Na yawancin wayoyin Android masu sauƙin kuɗi kyamarar gaba ce kawai, wasunsu hoto ma yana yaudararsu, wayar da kanta takan yi gargaɗin haka lokacin saitawa. Irin wannan ka bar shi a kashe.

5. Toshe ƙananan ƙofofi

Kulle mai kyau ba ya amfani idan wayar tana jimawa a buɗe. Sa fuskar ta riƙa mutuwa bayan daƙiƙa 30, a Display, Screen timeout, ko Auto-Lock a iPhone. Akwai wani saiti daban da mutane ba sa lura da shi, wato tsawon lokacin da wayar ke jira bayan fuskar ta mutu kafin ta kulle da gaske. A Samsung yana cikin Secure lock settings, a wasu yana gefen Screen lock a alamar saiti. Mayar da shi Immediately, ka kuma kunna wanda ke sa maɓallin gefe ya kulle nan take.

Nemi Smart Lock, wanda a sababbin wayoyi ake kira Extend Unlock. Shi ne ke barin waya a buɗe idan tana jikinka, ko a gida, ko tana haɗe da agogo ko abin sauraro. Kashe duka. Wayar ba ta san an canza hannu ba matuƙar ana tafiya da ita.

Sai saƙonni. Banki yana turo lambar amfani sau ɗaya, wadda ake gani a rubuce OTP, kuma wayoyi da yawa suna nuna ta a fuskar kulle ba tare da an buɗe komai ba. A Android shiga Notifications, nemi na fuskar kulle, zaɓi Hide content ko ka kashe Sensitive notifications. A iPhone: Notifications, Show Previews, When Unlocked. Don ka tabbatar, kulle wayar ka sa wani ya turo maka saƙo. In ka iya karanta rubutun ba ka buɗe ba, aikin bai yi ba.

In wayarka tana da Enhanced PIN privacy, kunna shi, yana hana maɓallan yin haske idan ana danna su.

6. Haɗa yatsa da manhajar banki

Buɗe manhajar da kalmar sirrinta, shiga saitunan tsaro, nemi Biometric login ko Fingerprint, ka kunna. Wasu manhajojin suna raba abin biyu: yatsa don shiga, da yatsa don amincewa da tura kuɗi. Shawarata ka kunna na shiga, ka bar tura kuɗi a kan lambar sirrin banki. Ta haka wanda ya ɗora yatsanka a waya kana barci zai ga abin da ke asusun, amma ba zai motsa shi ba.

Akwai gwajin da nake yi wa kowace manhajar banki sau ɗaya. Bayan an kunna yatsa, sai in koma Settings in ƙara sabon yatsa, in dawo in buɗe manhajar. Wadda aka gina da kyau za ta lura an canza jerin yatsun, ta ƙi yatsa, ta nemi kalmar sirri. Wadda ta buɗe da sabon yatsan ba tambaya, to ka san duk tsaronta ya rataya ne a kan lambar kullen wayarka, sai ka yanke shawara ko za ka bar mata yatsan ko za ka koma shigar da kalmar sirri. Kada ka manta ka goge yatsan gwajin.

Kada kuma ka ajiye kalmar sirrin banki a manhajar rubutu, ko hoton katinka a cikin hotuna, ko ka tura wa kanka su a saƙo. Wanda ya samu waya a buɗe nan yake fara dubawa.

7. Kulle sim ɗin

Duk abin da muka yi a wayar ne. Ɓarawo na iya zare sim ya sa a wata waya, saƙonnin banki su riƙa zuwa masa, kuma inda ake tura kuɗi ta hanyar danna lambobi masu alamar tauraro, layin kansa shi ne shaida. Rubuta SIM lock ko SIM PIN a binciken Settings. Kunnawa na buƙatar lambar da kamfanin layin ya sa tun asali, wadda takan kasance a jikin katin ko a shafin kamfanin. A nan a yi hattara sosai: kuskure uku sim ya rufe, sai da lambar PUK mai alƙaluma 8 da ke jikin katin. Kuskure goma a PUK kuwa sim ya mutu, sai an yi sabo. In ka gwada sau ɗaya ta ƙi, tsaya, kira kamfanin. Bayan ta kunnu ka canza ta zuwa wata lamba daban da ta kullen waya, ka rubuta ta a takardar nan ta gida. Daga yanzu duk lokacin da aka kunna wayar za ta nemi lambobi biyu, na sim da na waya, ka karanta abin da ke rubuce a sama kafin ka danna don kada ka sa wannan a gurbin wancan.

8. Tanadin ranar da aka fizge waya

Kulle ba ya taimako idan an fizge wayar tana buɗe a hannunka. A 2024 Google ta fitar da Theft Detection Lock ga wayoyin Android 10 zuwa sama, wanda ke kulle fuskar idan ya ji motsi irin na fizga da gudu. Yana cikin Settings, Google, All services, Theft protection. A nan kuma akwai Remote Lock, wanda in ka kunna shi tun yanzu, za ka iya kulle wayar daga wata na'ura da lambar layinka a wannan adireshi:

```
android.com/lock
```

A iPhone mai iOS 17.3 zuwa sama akwai Stolen Device Protection a shafin da ka sa lambar. Idan wayar ba ta wuraren da ka saba zama, canza lambar kulle da makamantansa sai da yatsa ko fuska, a jira awa ɗaya, a sake tabbatarwa. An yi shi ne daidai don ɓarawon da ya riga ya leƙi lambar.

Akwai kuma hanyar kashe yatsa na ɗan lokaci, misali za ka kwanta a cikin mutanen da ba ka sani ba. A Android sunanta Lockdown, tana fitowa idan ka danne maɓallin kunnawa, a wasu wayoyin sai ka fara kunna Show Lockdown option. A iPhone 8 zuwa sama ka danne maɓallin gefe da na ƙara tare har shafin kashewa ya fito, ka fasa. In wayarka ba ta da wannan, kashe ta ka sake kunnawa, sakamakon ɗaya ne: ba za ta karɓi yatsa ba sai an sa lamba.

9. Gwaji, da abin da za ka gani a kwanakin farko

Kashe wayar ka kunna. Dole ta ƙi yatsa ta nemi lamba, wannan alama ce ta lafiya. Buɗe ta, kulle, gwada yatsun biyu. Gwada yatsan da ba ka yi wa rajista ba, ya kamata ta ƙi. Bayan kuskure biyar yawancin wayoyi suna dakatar da yatsa su nemi lamba.

Ko komai na tafiya daidai, wayar za ta riƙa neman lambar lokaci zuwa lokaci: Android bayan awa 72, iPhone idan ta yi awa 48 ba a buɗe ta ba. Sai dai wannan na iya zuwa maka kana tsakiyar layi ko cikin mota a matse. In haka ta faru, juya fuskar wayar zuwa ƙirjinka, ko ka jira ka keɓe. Haka idan yatsa ya ƙi sau biyu saboda gumi, goge shi a riga ka sake, kada ka yi saurin komawa lamba a gaban jama'a.

Haɗarin mantuwa ya fi yawa a makon farko, don yatsa yana sa ka daina danna lambar tun ba ta zauna ba. Kwana bakwai na farko, kowace safiya kafin ka fita, ka buɗe wayar da lambar da gangan sau ɗaya.

In yatsa ya fara ƙin karɓuwa bayan wani lokaci, bi a hankali: goge wurin da ƙyalle, duba ko gilashin kariya ya tsage ko iska ta shiga ƙarƙashinsa daidai wurin, in lokacin sanyi ne fata ta bushe ka hura wa yatsan numfashi kaɗan ka sake ɗorawa. A waya mai na'urar ƙarƙashin gilashi, kunna Touch sensitivity ko Screen protector mode a Display yakan taimaka. In duk bai yi ba, goge yatsan daga jerin ka sake masa rajista. Wanda aka canza wa fuskar waya a wurin gyara kuma yatsa ya daina aiki gaba ɗaya, matsalar daga sabuwar fuskar take, sai an koma wa mai gyaran. Kafin ka miƙa masa wayar ka fita daga manhajar banki, in wayar tana da Maintenance mode ko Repair mode ka kunna shi don kada ya buƙaci lambarka. In dole ta sa ka faɗa masa, kana karɓo wayar ka ɗauko kofin nan da takardu goma, ka zaro sabuwar lamba, ka sake ƙirga yatsun da ke cikin jerin.